Gaisuwar da Nake Aikawa da Sunan Inna

Kawu ne ya jefa mu cikin wannan wahala. Shekarar da ya ajiye aikin gwamnati ya dawo Dakoro da zama, ya rasa wanda zai ba umarni, sai ya buɗe mana gurup na dangi a salula, ya naɗa kansa admin, ya kwashe mu kaf ya zuba ciki kamar mai tara awaki ranar allura. Ba a tambayi kowa ba. Tashi kawai ka yi da safe ka tarar kai ma kana ciki. Mu hamsin da bakwai ne, daga na Maradi da Yamai har na Kano, har da ɗan gwaggona da ke aikin gini a Libiya.

Ana sallame sallar asuba Kawu zai buɗe kasuwa. Hoton jan fure ne da raɓa a jikinsa, an rubuta barka da safiya da harafi mai ƙyalli, a ƙasa kuma addu'a doguwa wadda ba shi ya tsara ta ba, ga alamar an turo ta daga wani wuri nan a sama, bai ko damu ba. Daga nan sai ruwan amin. Wannan ya ce amin, wancan ya ce amin summa amin, wata ta ga an riga ta sai ta ƙara ya Hayyu ya Ƙayyum don ta fi su. Mai jin faransanci ya rubuta nasa da faransanci don a san ya zauna aji. Wanda bai iya rubutu ba ya danna bokal, wato saƙon murya, ya yi minti uku yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, jakinsa na kuka a bayansa. Kafin in ɗora ruwan koko saƙo tamanin ya taru, kuma wallahi in ka tace su duka ba za ka sami labari ɗaya da za ka gaya wa maƙwabcinka ba.

Hotunan nan su suka fi ba ni haushi. Kofin shayi a kan tebur na gilas, bayansa dutse fari fat da ƙanƙara. A Dakoro! Mu da ko itacen bedi sai an yi masa shinge saboda awaki, kullum sai an tashe mu da lambun furanni na ƙasar da ba mu san sunanta ba. Litinin da Alhamis akwai nasu na daban. Juma'a kuwa sai dai Allah ya kyauta, masallatai masu walƙiya, tattabaru na tashi, da gargaɗin cewa in ka tura wa mutum goma za ka ji labari mai daɗi kafin la'asar. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, saboda haka bayan na dangi ina cikin gurup na malamai, da na matan unguwa, da na waɗanda muka gama makaranta tare. Furen da Kawu ya turo da asuba, shi zan sake gani wajen malamai da ƙarfe bakwai, in gan shi wajen matan unguwa da hantsi. Fure ɗaya, sau huɗu, kowane da megar intanet da ya ci mini, domin kafin in gano inda ake hana salula sauke hotuna da kanta ta riga ta cika maƙil. Ranar da na so ɗaukar hoton takardar jarrabawar ɗalibaina, salula ta ce babu wuri. Na zauna a ofishin darekta, shugaban lakwal ɗinmu, ina share furanni kamar mai cirar ciyawa a gona.

Fita kuwa babu dama. In ka fita, abin da kansa zai kai rahotonka gun admin, Kawu ya maido ka kafin azahar, sannan ya kira ka ya yi maka wa'azin yanke zumunci. Wata ƴar baffanmu ta gwada, har yau ana ce mata mai girman kai. Abin da na iya yi shi ne na kashe wa gurup ɗin ƙara, amma lambar saƙonni tana nan kore shar tana hawa. Shi kuma Kawu yana lura da wanda bai amsa ba. In ka kwana biyu ba ka ce amin ba, sai ka ga an rubuta a gaban jama'a: “Madam, ko mun yi laifi ne?”

Ba zan yi ƙarya ba, akwai wanda abin ya yi wa rana. Gwaggona ba ta karyawa sai an duba mata an ce ɗanta na Libiya ya ce amin. Kalma ɗaya ce, amma ita ce shaidar ya kwana da rai. Wannan na yarda da shi. Sai kuma Inna.

Inna mahaifiyarmu ce, yayar Kawu. Tun da Baba ya rasu na ɗauko ta daga ƙauyenmu da ke bayan Rumbu ta dawo gidana, ni ce autarta. Mu shida ta haifa, babbanmu shi ne Yaya, ɗan kasuwar hatsi a Maradi. Inna mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Mutumin Maradi” take cewa, ko “wancan”. Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan, sai ta laƙaba masa wani. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, bango take kallo ta tambaye shi lafiyar iyali, shi ke nan an gama. In ya kira a salula ta ce, “Lahiya lau. Ga ƙanwarka,” ta miƙo mini kamar abin yana ƙona mata hannu. Amma ni da ke kwana da ita na san in an ce motar Maradi ta iso tasha, kunnenta na ƙofar gida har magariba. Tana son ganinsa fiye da mu biyar ɗin a haɗe, kuma ko za a yanka ta ba za ta ce a kira shi ba.

Yaya ne ya saya mata salula irin ta shafawa, Kawu kuwa bai bari ta huce daga kwali ba ya sa lambarta a gurup. Inna ba ta karatu, saboda haka ni ke riƙe abin. Na nuna mata cewa zan danna nan in riƙe, ita kuma ta yi magana, in na saki kowa zai ji.

“Kowa da kowa?” ta ce.

“Kowa, Inna.”

Ta gyara lulluɓi kamar za a gan ta. Ta yi sallama, ta ce ta kwana lafiya, ta ce Allah ya yi wa zuri'a albarka, na kusa da na nesa, masu noma da masu kiwo da masu aikin biro. Sannan ta ƙara, “da masu awon hatsi, Allah shi sa albarka cikin tiyarsu.” A duk danginmu mutum ɗaya ne ke awon hatsi.

Ba a yi minti biyar ba Yaya ya kira ni. Mutum mai furfura a gemu, mai ƴaƴa a jami'a, yana dariya kamar an ba yaro alewa.

“Auta, kin ji abin da ta ce?”

“Ni na riƙe mata, Yaya.”

“Masu awon hatsi fa ta ce!”

Abin da ba ta iya faɗa masa shi kaɗai, ta sami hanyar faɗa a tsakiyar mutum hamsin da bakwai. Ran nan na yafe wa Kawu furanninsa na mako guda.

To amma ɗan Adam bai iya samun abu mai daɗi ya bar shi da daɗinsa ba. Kawu ya mai da muryar Inna farilla. In ƙarfe bakwai ta yi ba a ji ta ba, sai ya rubuta, “Yau ba mu ji yayata ba, ko lafiya?” Sai mutum ashirin su bi bayansa da ko lafiya, ko lafiya, waɗansu su kira ni ina tsakiyar yi wa yara wanka. Inna kuwa ba a gaggauta ta. Sai ta gama lazimi, ta sha koko, ta wanke baki, ta nemi lulluɓi. In an fara kuma ta yi tari sai ta ce a sake. In an gama, rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, saƙon ya tsaya yana juyi, in fita tsakar gida ina ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa. Ni kuma ƙarfe takwas darekta na tsaye bakin ƙofar lakwal yana duban agogo.

Ita kanta ta gaji. Wata safiya na kawo mata abin, ta dube ni ta ce, “Wai albarkar da na sa musu jiya, har ta ƙare?”

Ran nan na yi dabarar da nake jin kunyarta har yau. Na hau sama cikin gurup, na nemo wata gaisuwarta ta makon jiya, gajera mai kyau, na danna na sake turawa. Da yake daga salularta ta fito tun asali, babu wata alamar an turo da ta hau kanta. Ta faɗa gurup kamar yanzu aka yi ta. Na tsaya ina jiran wani ya ce, ai mun ji wannan. Ina! Amin, amin summa amin, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, hoton hannuwa biyu a sama. Na ce a raina, ashe haka kuke.

Na zaɓi guda uku ina juya su. Ɗaya tana cewa “ya zafi”, ita na ajiye da damina ta sauka. Sauran biyun na yi ta aikawa, yau wannan, gobe waccan. Wata bakwai cur, babu mahalukin da ya ce uffan. Kuma in gaya muku gaskiya, daɗi nake ji. Kullum in na tura sai in yi tsaki in ce, ga naku, ku da kuke gaida uwa da furen da ba ku shuka ba, ga amsar da ta dace da ku. Tsohuwar murya tana amsa wa tsohon hoto, kowa ya sauke nauyi, kowa ya kama gabansa. Har na riƙa ba abokan aikina labari muna dariya a lokacin hutun ƙarfe goma. Ina ganin ni kaɗai ce mai wayo a cikin dangi.

Da kaka ta yi, jikin Inna ya fara taɓuwa. Jiri, ciwon kai, ƙafafu sun kumbura. Na kai ta likita, wato asibiti, aka ce tansiyo ce, hawan jini, ta hau sosai, aka ba ta ƙwayoyi, aka hana ta gishiri. Na rubuta a gurup da tsakar rana, da salulata, cewa Inna ba ta jin daɗi. Aka yi ruwan Allah ya sawwaƙe. Wani ya turo hoton fure, wannan karon fari. Wani ya turo bokal na wani mai magani da ba a san ko waye ba, yana cewa tafarnuwa da zogale sun fi duk wata ƙwayar Turawa. Mutum biyu suka fara gardama a kan tafarnuwar, kafin la'asar maganar Inna ta nutse ƙarƙashin saƙo sittin. Washegari na makara, Kawu ya fara ko lafiyarsa, hannuna ya yi abin da ya saba, na tura tsohuwar muryar. Nan take Kawu ya rubuta, “Alhamdu lillahi, yayata ta miƙe!” Aka bi shi da hamdala har ƙarfe tara.

Yaya dai ya kira. Ina zaune kusa da Inna, ta ji muryarsa, ta yi mini alama da hannu, ta ce a hankali, “Ce da sauƙi.”

“Da sauƙi, Yaya,” na ce.

“Ai na ji ta da safe, muryar garau,” ya ce. “Hankalina ya kwanta. Kin san lokacin sayen wake ne, ko yau ina Sabon Maci. Bari in gama kwasar kaya, in Allah ya so zan zo in kwana biyu.”

Sabon Maci fa, kan hanyarmu. Duk mako yana zuwa nan ya cika mota ya juya Maradi. Da na ce masa, Yaya, muryar nan ta watan azumi ce, da ran nan ya kwana a Dakoro. Amma sai in faɗa masa cewa wata bakwai ina yi masa wasa da muryar uwarsa. Na haɗiye, na ce Allah ya kawo shi lafiya.

Bayan kwana kaɗan, wata safiya ina ɗaura ɗankwali, Inna ta kira ni daga kan gado.

“Kawo abin ga in yi gaisuwa.”

Rabonta da neman salular nan tun kafin damina. Ita a zatonta an daina yayin abin ne, ban taɓa gaya mata cewa kullum tana sa albarka ba tare da ta sani ba. Na kawo, na danna, na riƙe. Muryar da ta fito ba ta Inna ba ce da dangi suka sani. Siririya, tana rawa, tana tsayawa neman numfashi a tsakiyar kalma. Ta gaida mutane a taƙaice, sannan ta ce, “An ce hanya ta yi kyau yanzu, mota ba ta daɗewa.”

Na gane sarai. Ba ta iya cewa Yaya ya zo, shi ne ta bar muryarta ta faɗa. Ta san in ya ji yadda numfashinta ya koma, ba sai an kira shi ba.

Yatsana na kan madannin. In na ɗaga, ya tafi. In na ja shi gefe, ya faɗa kwandon shara. Na yi tunanin jiya-jiya aka ji ta garau, yau a ji wannan, dole a tambaya. Na yi tunanin kira hamsin da zan amsa a cikin aji, da Kawu a ƙofar gidana da tawagarsa, da ƴan dubiya da zan dafa wa abinci. Na ce bari ta ɗan ji ƙarfi tukuna, muryar ta daidaita, sai in tura sabuwa ba tare da an ga bambanci ba. Na ja yatsana gefe.

“Ya tahi?” ta ce.

“Ya tafi, Inna.”

Na fita tsakar gida na tura tsohuwar.

Da na dawo daga lakwal ta tambaye ni, “Mi anka ce?”

“An ce amin.”

Washegari ta sake nema, na sake riƙewa, na sake ja gefe. Abin da ka yi sau ɗaya, na biyu ba ya wuya. Kowace yamma in motocin Maradi suka fara shigowa sai ta ce a ɗaga mata labule, wai zafi take ji, alhali sanyi ya fara sauka.

Rana ta uku, Laraba ce, ba ta yi sallama ba, ba ta gaida kowa ba. Na danna, ta kalli salular ta daɗe, sannan ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa. Sau biyu ta faɗa. Ta ce, “Ka zo.” Shi ke nan.

Tun da nake ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Kuma ga abin da ya zo mini, ni mai wayo: Inna ta ruɗe. Ciwo ya taɓa mata kai. In na saki wannan a gurup, surukai na ciki, jikoki na ciki, matar Yaya na ciki, za a ji tsohuwar da ta riƙe kunyarta shekara hamsin da ɗoriya ta zubar da ita a bainar jama'a. Za a tura wa wasu, domin mutanen nan ba abin da ba su turawa. Za a ce wayyo, tsohuwa ta fara sakin baki. Na ce ba da ni ba, ni zan rufa wa uwata asiri. Ko a raina ban kawo cewa ina iya fita daga gurup in sa ta sake faɗa masa shi kaɗai ba, kaina ya riga ya saba cewa muryar Inna ta gurup ce. Na ja yatsana gefe, na ga ɗan kwandon ya haɗiye ta.

Na yi niyyar kiran Yaya, Allah shaida ne. Na ce ran Juma'a babu aji da yamma, zan zauna in kira shi a tsanake, in faɗa masa komai, in sha faɗan da zan sha.

Da yamma ta ce, “Mi anka ce?”

“An ce amin, Inna.”

“Shi ma?”

Ba ta taɓa tambayata shi ba, sai ran nan. Na duba salular. Ga shi nan, ƙarƙashin tsohuwar muryar da na tura da safe, ya rubuta amin, Allah ya ƙara girma.

“Shi ma amin ya ce.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta fuskanci bango, ta ce in sauke labulen.

Ba a kai Juma'ar ba. Ran Alhamis na dawo da azahar na tarar da maƙwabciyata a ɗakin tana salati. Bakin Inna ya karkace, hannun dama ya saki, idanunta a buɗe tana kallonmu, tana motsa leɓe babu abin da ke fita. Muka kai ta likita. A bakin ƙofar ɗakin na kira Yaya, wannan karon ban ce da sauƙi ba. Ya ce ga shi nan.

Ina zaune a kan benci ƙarƙashin bedin likita ina jiransa, salular Inna a hannuna tana ta motsi. Kawu ya riga ya sanar a gurup. Hotunan hannuwa a sama, fuskoki masu hawaye, wani ya turo doguwar addu'ar mara lafiya da sunan wata mata can daban a ciki, bai ko karanta ba balle ya gyara. Wata kuma da ba ta hau sama ta ga abin da ake ciki ba ta turo barka da yamma da kofin shayi. Haushi ya ishe ni. Na ce bari in ga ko mutum nawa ne cikin munafukan nan ke sauraron Inna da ma. Wanda ya aika saƙo yana iya danna shi ya ga jerin waɗanda ya isa gare su, da waɗanda suka buɗe, da waɗanda suka saurara. Na san da haka tuntuni, ban dai taɓa damuwa in duba ba.

Na danna na safiyar ran nan. Masu cewa amin sun fi talatin. Waɗanda suka saurara, huɗu. Na ce a'a, ga shi kuwa, na faɗa. Na duba na jiya, uku. Na shekaranjiya, biyar. Kawu da kansa ba ya ciki, mai ko lafiya, ko sau ɗaya. Sai na lura da wani abu. Sunayen na canzawa, amma ɗaya bai taɓa fashi ba. Na yi ta hawa sama, mako, wata, har cikin damina. Yaya na nan kullum, kuma bai taɓa wuce minti biyu bayan na tura ba.

Ya iso gab da magariba, rigarsa duk ƙurar buhu. Ya shiga, ya durƙusa a gefen gadon kamar yadda ya saba durƙusawa a bakin ƙofa. Wannan karon ba ta kalli bango ba. Shi ta kalla, ta yi ta kallonsa, leɓenta na motsi. Ya kai kunnensa kusa, babu komai sai iska. Inna ta yi wata biyar a duniya bayan ran nan, ba ta ƙara furta kalma ɗaya ba.

Ya fito ya same ni a kan bencin. Ya zauna a ɗaya gefen, ya cire hula ya riƙe.

“Ikon Allah,” ya ce. “Yau da safe fa na ji ta, auta. Lafiya lau. Kullum sai na saurare ta kafin in buɗe shago, wani lokaci sau uku. Na ce in dai na ji muryar ta canza ko kaɗan, zan bar komai in taho. Ko alama babu.”

Da na yi shiru, da har abada zai ɗauka haka Allah ya yi abinsa, farat ɗaya. Amma na kasa. Na faɗa masa. Na faɗa masa guda uku ne, na faɗa masa tun yaushe. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, wallahi da ya fi mini sauƙi.

“Na lura tana maimaita magana,” ya ce a hankali. “Na ce tsufa ne. Ni ban ƙi in ji ta sau dubu ba.”

Ya juya hular a hannunsa.

“To ita, duk kwanakin nan ba ta nemi ta yi magana ba?”

“Ta nema. Kwana uku.”

“Suna ina?”

“Na share, Yaya. Ban tura ba.”

“Ba a iya dawo da su?”

“Ba a iyawa. Ba su ma shiga ba balle a nemo.”

Aka kira salla a masallacin likita. Mutane suka fara wucewa da butoci. Bai motsa ba.

“Me ta ce?”

Na faɗa masa maganar hanya da mota. Ya gyaɗa kai, ya gane kamar yadda na gane. Na so in tsaya a nan.

“Na jiya fa?”

“Cewa ta yi ka zo.”

“Mutumin Maradi ya zo?”

“A'a. Sunanka ta kira. Sau biyu.”

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

“Sunana? Da bakinta?”

“Da bakinta.”

Ya sunkuyar da kai. Liman ya tayar da salla, muna jin kabbara, bai tashi ba.

“Faɗa mini yadda ta faɗe shi,” ya ce.

Ni ma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, tun da na buɗe ido Yaya nake ce masa. Kuma muryata ba tata ba ce, babu rawar, babu numfashin da ke yankewa. Na share hawaye da bakin mayafi, na rage murya iyakar iyawata, na faɗa.

Ya saurara, idonsa a rufe.

“Sake,” ya ce.